Mai faɗuwar gaba ya fita da abarsa, kada ya jira ta tafi

Duk gidan da aka samu mai ciwon fargaba, shawara ɗaya ce ke yawo daga baki zuwa baki: "Ka kwantar da hankalinka." Uwa za ta faɗa, mata za ta faɗa, mai kemis ma zai faɗa yana miƙo ƙwaya a leda. Da kyakkyawar niyya ake faɗinta, ba na musu. Amma ra'ayina shi ne wannan shawara tana cikin abubuwan da ke tsawaita ciwon, domin tana sanya wa mara lafiya sharaɗin da ba ya hannunsa. Ana ce masa ya fara samun natsuwa, sannan ya koma kasuwa, sannan ya hau mota, sannan ya shiga tsakiyar sahu. Shi kuwa jiki ba ya karɓar umarni irin wannan. Hannu za ka ce masa ya ɗaga ya ɗaga, zuciya kuwa ka ce mata ta rage gudu, sai ta ƙara, domin yanzu ka zuba mata ido.

Akwai wata hanya da masu ilimin halayyar ɗan Adam suka daɗe suna amfani da ita, wadda ta juya tsarin: mutum ya bar faɗuwar gaban a inda take, ya daina kokawa da ita, ya ɗauke ta ya tafi aikin da ke da muhimmanci a gare shi. Wata likita 'yar Ostireliya, Claire Weekes, ta koyar da haka tun 1962, kuma kafin ita likitan Japan Shoma Morita ya gina irin wannan magani wajen 1919. A zamaninmu an fi sanin hanyar da sunan ACT, wato karɓar abin da ake ji tare da riƙe aikin da aka ƙudura, wadda Steven Hayes na Jami'ar Nevada da ke Reno ya fara ginawa a shekarun 1980, sannan shi da Kirk Strosahl da Kelly Wilson suka fitar da cikakken bayaninta a 1999. Zan tsaya kan nau'i ɗaya na ciwon, wato firgicin da ke taso wa mutum farat ɗaya ba tare da wani haɗari a gabansa ba, da kuma gudun wurare da ke biyo baya, domin a nan ne aikin hanyar ya fi fitowa fili.

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa, mai shekara talatin da 'yan kai, yana da shagon atamfa a Kantin Kwari. Wata rana da la'asar yana cikin Adaidaita Sahu, cunkoso ya riƙe su, ga zafi, ga hayaƙi. Sai ya ji gabansa ya yanke ya faɗi, zuciya na dukan uku-uku, numfashi ba ya isa, yatsu sun yi sanyi suna tsiktsik, ƙasa kamar tana juyawa. Ya tabbata ajali ne. Ya diro daga mashin ɗin, ya zauna bakin wani shago, aka ba shi ruwa, bayan kamar minti ashirin abin ya lafa. A asibiti aka auna jini, aka yi hoton bugun zuciya, aka ce lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya faru a jikinsa ba asiri ba ne. Ƙwaƙwalwa ta kaɗa ƙararrawar haɗari, jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu don tura jini ga cinyoyi da damatsa, baki ya bushe, ciki ya murɗa. Shiri ne na gudu ko faɗa, wanda zai yi amfani da a ce kura ce ta biyo shi. Tsiktsik ɗin yatsu da jiri kuma daga numfashin suke: idan mutum yana jan iska da sauri fiye da bukatarsa, yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, sai jijiyoyin jini na kai su ɗan tsuke, kai ya yi sakayau, leɓe da yatsu su yi kamar ana tsikara. Irin wannan tashin yakan kai ƙololuwa cikin kusan minti goma, sannan ya fara sauka da kansa, ko an yi wani abu ko ba a yi ba. A riƙe wannan jimla ta ƙarshe, domin duk rikicin a kanta yake.

Shi ɗan kasuwar bai ga haka ba. Abin da ya gani shi ne ya sauka, ya sha ruwa, ya tsira. Don haka ƙwaƙwalwarsa ta rubuta cewa sauka ce ta cece shi. Gobe sai ya ƙi hawa Adaidaita idan da cunkoso. Jibi ya ji abin ya ɗan motsa a cikin layin kasuwa, sai ya koma zuwa da sassafe ya tashi kafin Azahar. Ranar Juma'a ya daina shiga cikin masallaci, yana shimfiɗa darduma a bakin titi inda zai iya sulalewa. Robar ruwa ba ta barin hannunsa. Kullum sai ya biya kemis a auna masa hawan jini. Sarin kaya ya koma hannun yaronsa. Bikin ƙanwarsa a Gusau bai je ba, ya ce zazzaɓi. Cikin wata shida mutumin da ke zagaye gari ya koma yana rayuwa tsakanin gida da lungu biyu, kuma faɗuwar gaban ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi, don yanzu ko tunanin mota yana tayar da ita.

Kowace gudu tana biyansa lada nan take: sauƙi na minti biyar. Wannan sauƙin shi ne tarkon. Yana hana shi ganin abin da zai faru da ya zauna, kuma yana ƙara tabbatar masa cewa bugun zuciya abin gudu ne. Masana irin su David Clark da Paul Salkovskis a Ingila sun yi bayanin wannan zagaye tun shekarun 1980 da farkon 1990: mutum ya ji motsi a jiki, ya fassara shi da mutuwa, fassarar ta ƙara adiranalin, motsin ya ƙaru, sannan 'yan dabarun tsira su hana fassarar ƙaryatuwa.

To me zai hana ya cire tunanin daga ransa kawai, kamar yadda ake ce masa? Daniel Wegner ya gwada wannan a 1987. Ya ce wa ɗalibai su yi minti biyar ba su tuna wata farar dabbar ƙanƙara ba, duk sanda ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sake su aka ce yanzu su tuna ta, sai suka tuna ta fiye da waɗanda tun farko ba a hana su ba. Dalilin a fili yake: kafin ka tabbatar ba ka tunanin abu, sai ka leƙa ka gani ko yana nan, leƙen kuwa shi ne tunanin. Wanda ya kwanta yana sauraron ƙirjinsa don ya ji ko zuciya ta lafa, shi ne zai kwana yana jin ta.

Yanzu ga yadda aikin yake a aikace, kuma matakin farko na asibiti ne. Kafin a ce wa mutum ya zauna da bugun zuciya, wajibi ne a tabbatar bugun na fargaba ne. Ƙarancin jini, yawan aikin ƙullin tayirod da ke wuya, faɗuwar sukari, asma da wasu magungunanta, da ainihin ciwon zuciya, duk suna iya kama da wannan. Haka ma goro da shayi mai kauri da lemukan ƙarin kuzari, don duk suna ɗauke da sinadarin da ke zaburar da zuciya. Mai cin goro biyar a wuni ya fara rage wannan ya gani. A yi gwajin sosai, sau ɗaya, a wurin likita. Idan sakamako ya fito lafiya, an rufe wannan babi. Komawa awo kowane mako ya tashi daga bincike, ya zama wata robar ruwan. Amma sabon ciwon ƙirji da ke zuwa da aikin ƙarfi, ko mai sauka hannu ko muƙamuƙi, ko suma, musamman ga mai shekaru ko mai hawan jini ko ciwon sukari, wannan na gaggawa ne, ba a zama da shi.

Mataki na biyu takarda ce da biro. Ɗan kasuwar zai raba shafi biyu. A dama ya jera duk abin da ya yi don ya kori faɗuwar gaba cikin wata shidan nan, ya rubuta gaban kowanne: ya ba ni sauƙi na minti nawa, kuma ya ci mini me? A hagu ya rubuta abin da yake so ya zama da a ce tsoron ba ya yi masa shamaki, kuma a rubuta shi da kalmomin aiki. "Ina son kwanciyar hankali" ba ta shiga wannan shafi, domin ba aikin da za a tashi a yi ba ne. "In riƙa zaɓen kayana da idona", "in kai 'yata makaranta da kaina", "in tsaya kusa da liman kamar da", waɗannan su ne ake nema. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki suna ganin ɓata lokaci ne, kuma su ne ke fara sarewa. Babu mai shiga wahala don wahala. Wanda bai san abin da ya fito nema ba, da zarar zuciya ta buga zai koma gida, kuma da gaskiyarsa.

Sannan sai koyon zama da abin, kuma a gida ake fara shi, lokacin da babu tashin hankali, minti goma sau biyu a rana. Ya zauna, tafin ƙafa a ƙasa, ya danna su kaɗan ya ji ƙasar. Ya nemo inda rashin daɗin yake a jiki, ya siffanta shi kamar mai siffanta kaya ga abokin ciniki: a tsakiyar ƙirji yake, faɗinsa kamar tafin hannu, yana da nauyi, yana da ɗumi, gefensa na hagu ya fi matsewa. Ya ba shi suna a zuci: "ga faɗuwar gaba nan." Idan tunani ya zo, ya sa masa gaba: maimakon "zan mutu", ya ce "ga tunanin nan cewa zan mutu ya zo." Da jin wannan kamar wasan yara, amma a gwada a gani, jimlar farko umarni ce, ta biyu labari ce, kuma ana iya sauraron labari ana ci gaba da aune yadi. Numfashi kuma a bar shi daidai, ta hanci, a ɗan tsawaita fitarwa, ba manyan shaƙa ba, don manyan shaƙa su ne ke kawo jirin. Ya sassauta kafaɗa da muƙamuƙi da ciki, wuraren da mutum ke ƙanƙamewa idan yana tura abu. A ƙarshe ya ɗago ido, ya lura da abu uku da yake gani da sauti biyu da yake ji, ya koma ga abin da yake yi. Duka wannan, idan hannu ya faɗa, bai wuce daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya ba.

Idan likita ya wanke shi, akwai ƙarin atisaye da ke da amfani ƙwarai ga mai irin wannan ciwo, wato ya tayar da alamomin da kansa. Gudu a tsaye na minti ɗaya yana kawo bugun zuciya. Numfashi da sauri na minti ɗaya, a zaune, yana kawo jiri da tsiktsik. Bayan kowanne ya zauna ya yi abin da ya koya, bai sha ruwa ba, bai taɓa jijiyar wuyansa ba. Ribar ita ce ya ga da idonsa cewa shi ne ya kunna jirin da numfashinsa, kuma jirin ya tafi ba tare da taimako ba. Mai juna biyu, mai asma, mai farfaɗiya da mai ciwon zuciya ba sa yin wannan sai da izinin likitansu.

Daga nan sai fita. Zai jera wuraren da yake gudu, kamar guda takwas ko goma, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon yadda yake tsoronsa. A ce hawa Adaidaita da safe na tafiyar minti biyar 4 ne, tsayawa a shago daga Azahar zuwa La'asar 6, hawa Adaidaita lokacin tashi daga kasuwa 7, tsakiyar sahun Juma'a 8, motar haya zuwa Zariya 9. Ya fara da mai 4 ko 5. Mai 1 ba ya koyar da komai, mai 9 kuma a makon farko yakan ƙare da gudu, gudun kuma ya ƙara wa tsoro ƙarfi. Kafin ya fita ya rubuta hasashensa a sarari, irin wanda za a iya ƙaryatawa: "zan suma kafin mu kai shataletale." Ya ƙayyade wa kansa iyaka da agogo ko da wuri, ba da yanayin zuciya ba: zan sauka a wuri kaza, ko gabana na faɗuwa ko ba ya faɗuwa. Ya dawo ya cika layi uku: me na yi hasashe, me ya faru, na kai inda na ce ko ban kai ba. A yi wannan aƙalla sau huɗu ko biyar a mako. Sau ɗaya a mako kamar ban ruwa ne sau ɗaya a wata.

Bari mu duba rana ɗaya kusa-kusa, a ce rana ta tara. Ya hau Adaidaita ƙarfe biyar na yamma, ya zauna a tsakiya, da gangan, mutum a dama mutum a hagu, robar ruwa ya baro ta a shago. Aka yi tafiyar minti uku, cunkoso ya tsayar da su. Abin ya taso: ƙirji ya cika, tafin hannu ya jiƙe, ƙafar dama har ta fara neman hanyar fita. Ya danna tafin ƙafa a ƙarfen ƙasa. Ya ce a ransa, ga ta nan, 7 ce. Tunani ya ce masa wannan karon daban ne, wannan na gaske ne. Tunanin nan kusan kullum haka yake cewa, shi ya sa yana da kyau a san shi tun kafin ya zo. Ya saki kafaɗa. Ya karanta rubutun bayan motar da ke gabansu. Na kusa da shi ya tambaye shi canjin ɗari biyar, ya laluba aljihu da hannu yana rawa ya ba shi. Abin ya hau 8, ya tsaya a nan, ya ƙi sauka. Da suka iso inda ya ƙayyade, ya sauka yana kan 6, ƙafafu kamar ba nasa ba.

Ranar nan nasara ce ko faɗuwa? Idan da ma'aunin "kwantar da hankalinka" za a auna, ta faɗi warwas, don ya sauka a firgice. A wannan hanya kuwa cikakkiyar nasara ce: ya yi hasashen suma, bai suma ba, ya kai inda ya ce. A da masu magani suna ganin wajibi ne mutum ya zauna har tsoro ya sauka kafin ya bar wurin. Binciken Michelle Craske da abokan aikinta a Los Angeles ya nuna cewa saukar tsoro a cikin zama ɗaya ba ita ce ke nuna wanda zai warke ba. Abin da ya fi tasiri shi ne saɓanin da ke tsakanin abin da mutum ya zata da abin da ya auku. Shi ya sa ake rubuta hasashe. (Suma kuwa ba kasafai take zuwa da irin wannan firgici ba, domin suma faɗuwar hawan jini ce, firgici kuma ɗaga shi yake yi. Masu tsoron jini da allura su ne daban, su kam sukan faɗi.)

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da karɓar kanta ta zama sabuwar dabarar kora. Mutum zai yi duk matakan, sannan bayan minti biyu ya leƙa ƙirjinsa ya ce, "Na karɓa, amma ba ta tafi ba, abin ba ya aiki." Wannan kamar mai masauki ne da ya ce wa baƙo "zauna mana" alhali yana tsaye riƙe da ƙofa. Yadda ake ganewa shi ne a lura da tambayar da mutum ke yi wa kansa. In tambayar ita ce "ta ragu?", ya koma kokawa. In "me nake yi yanzu, kuma shi ne abin da na fito yi?", yana kan hanya. Gaskiya ne cewa a mafi yawan mutane tashin yakan ragu da makonni, amma yana zuwa ne kamar barci, ga wanda ya daina farautarsa.

Kuskure na biyu ya fi kusa da mu, kuma nan ne nake ganin ya kamata a yi magana a fili. Za a ce, ai wannan haƙuri ne, mu kuwa an haife mu a cikinsa. Akwai haƙurin da ake koya wa mutane wanda ainihinsa cijewa ne: ka haɗiye, kada a gani a fuskarka, namiji ba ya tsoro. Mai cijewa zai iya shiga Adaidaita ya ƙanƙame ƙarfe, ya riƙe numfashi, yana ƙirga sanduna har a isa. Ya isa, amma abin da ƙwaƙwalwarsa ta koya shi ne da ƙyar na sha. Gobe tsoron na nan yadda yake, ga gajiya a kai. Bambancin a jiki ake ganinsa: mai cijewa a ɗaure yake, idonsa na kan ƙarshen tafiya, mai karɓa a sake yake ko da yana rawa, kuma zai iya gaya maka kalar rigar wanda ya zauna kusa da shi.

Abin da ya fi kama da wannan hanya a cikin abin da muka gada, a ganina, yana cikin fiƙihu, a babin mai waswasi. Hadisi ya inganta cewa wanda yake jin kamar alwalarsa ta karye a cikin salla kada ya fita sai ya ji sauti ko wari, kuma malaman Malikiyya sun ce wanda kokwanto ya aura, ya riƙa zuwar masa kullum, ya kau da kai daga gare shi ya ci gaba. Ba a ce masa ya tsaya sai kokwanton ya gushe ba. An san cewa sake alwala sau bakwai ciyar da waswasi yake yi. Duk wanda ya fahimci wannan ya riga ya fahimci rabin abin da nake faɗa. Addu'a da zikiri kuma babu mai hana su, suna ƙarfafa mutane da yawa su tsaya. Abin lura kawai shi ne idan sun koma ƙidayar da dole sai an cika ta kafin a taka ƙofa, in an yi kuskure a sake daga farko, to waswasi ya saka rigar ibada, kuma malamin kirki zai gane hakan kafin likita.

Sai iyali. Matar ɗan kasuwar, don tausayi, ita ce ke cewa, "Maigida, ka zauna yau, yaro ya je." Yayansa kuma ya ce, "Kai dai ka cika sa abu a rai." Ɗaya tana taya shi gudu, ɗaya yana tura shi cijewa. Abin da ake so daga gare su kaɗan ne. Idan ya ce, "Taɓa ƙirjina ki ji, anya lafiya?", ta amsa sau ɗaya tak, sannan su yi yarjejeniya tun da rana tsaka cewa a karo na biyu amsarta ita ce, "Na ga abin ya taso, sannu. Ina ka ce za ka je yau?" Rakiya ma haka: a makon farko ta halatta, amma a rubuta ranar da za a janye ta, in ba haka ba ɗan rakiya ya zama robar ruwa mai ƙafa.

Ƙwaya kuma sai an yi hattara. Diyazefam, wanda aka fi sani da baliyam, da danginsa suna kashe firgici cikin ɗan lokaci, shi ya sa ake son su, kuma shi ya sa suke da haɗari. Ƙa'idar likitoci ita ce kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan su, domin jiki yana sabawa. Wanda ya haɗiyi ƙwaya kafin ya hau mota, nasarar ta ƙwaya ce a wurin ƙwaƙwalwarsa. Amma wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya don ya karanta wannan rubutu. Yankewa farat ɗaya na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, sai likita ya rage masa sannu a hankali. Akwai kuma magungunan da likita ke rubutawa a sha kullum, waɗanda sai bayan makonni suke fara aiki, su ba sa karo da wannan hanya, ana haɗa su.

Masu suka suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma ban ga amfanin ɓoye ta ba. Mutumin da ke tsoron wata hanya saboda ana tare motoci a kanta, ko matar da gabanta ke faɗuwa idan ta ji takun mijin da ke dukanta, ƙararrawarsu ba ƙarya take yi ba. A ce musu su karɓa su ci gaba, zalunci ne. Abin da ake karɓa shi ne abin da ke cikin fata: bugu, gumi, tunani. Abin da ke waje, in ana iya canza shi ko kauce masa, a canza, a kauce. Tambayar da ke raba su ita ce: mutum mai hankali da ba shi da wannan ciwo, zai hau wannan mota a wannan lokaci? In zai hau, a hau da tsoro. In ba zai hau ba, tsoron ya yi aikinsa. Haka kuma wanda fargabarsa ta haɗu da baƙin cikin da ya hana shi ci da barci, ko tunanin kashe kansa, ko wanda ke sake ganin harin da ya tsira daga gare shi kamar yanzu ake yi, wannan ba aikin takarda da biro a ɗaki ba ne, ya nemi asibiti, ko na ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano ko na Maiduguri, ko sashen da ke asibitocin koyarwa.

Ba kuma zan ce hanyar ta fi sauran ba. Da aka gwada ta kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar hanyar gyaran tunani da ɗabi'a a kan masu ciwon fargaba, a wani bincike da Joanna Arch da Craske suka fitar a 2012, sakamakon ya zo kusan ɗaya. Abin da ya sa nake goyon bayanta a wurinmu shi ne ana iya koyar da ita ba tare da ƙwararre a kowane ɗaki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke da ciwon fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. A Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba za ta haifo su da rana ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina wani shiri mai suna Self-Help Plus a kan wannan hanya: zama biyar, kowanne kamar awa biyu, rukuni na mutum har talatin, ana sauraron darasi da aka naɗa, ga littafi mai hotuna, masu jagoranci kuma mutanen gari ne da aka ba horo na ɗan lokaci. An gwada shi a arewacin Uganda a kan mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu, aka buga sakamakon a 2020. Damuwarsu ta ragu fiye da ta waɗanda ba su shiga ba, sosai da farko, sannan bambancin ya ragu bayan wata uku amma bai ɓace ba. Ba mu'ujiza ba ce. Sai dai darasin da ake saurara da kunne, a yaren mutane, ga al'ummar da ta saba da rediyo da saƙon murya, abu ne da ya dace ma'aikatun lafiya na jihohi su ɗauka da gaske, su naɗa da Hausa mai kyau, su horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi.

Shi kuwa ɗan kasuwarmu, idan ya riƙe fita huɗu ko biyar a mako, abin da ake sa rai cikin mako shida zuwa goma sha biyu shi ne ya hau mafi yawan matakan da ya jera. Sannan wata rana, watakila bayan wata uku lafiya lau, bayan daren da bai yi barci ba ko bayan zazzaɓi, abin zai sake taso masa a wurin da ya ɗauka ya gama da shi. Wannan dawowa sananniya ce, domin sabon darasi ba ya goge tsohon tsoro, danne shi yake yi, gajiya ko sabon wuri kuma kan ba tsohon dama. Abin da ke yanke hukunci shi ne kwana ɗaya ko biyu da ke biye. In ya ce bari in huta mako guda in ga, lungu biyun nan suna jiransa. Ƙa'idar ita ce ya koma daidai wurin, a daidai lokacin, kafin kwana biyu su wuce, ya rubuta hasashensa kafin ya fita, ya bar robar ruwa a shago.